Darasi na Bakwai: Shafuka uku da za ka rubuta kafin ka buɗe websait ɗin kasuwancinka

A ƙasan kowane websait na kirki za ka ga an rubuta Privacy Policy, wato shafin sirri, da Terms and Conditions, wato shafin sharuɗɗa, sannan da ka shiga wata ƴar sanarwa ta taso tana maganar kukis. Mutanenmu da yawa sai su ce wa yaron da ya gina musu websait ya kwafo na wani kamfani ya manna kawai, to wannan shi ne abin da nake so mu daina, domin waɗannan shafukan alkawari ne tsakaninka da kwastoma, in ka kwafo na wani ka ɗauki alkawarin abin da ba ka yi, kuma ka ɓoye abin da kake yi.

Mu ɗauki misalin wata hajiya mai shagon turaren wuta da humra a Ƙofar Ƙaura nan cikin Katsina, ɗanta ya gina mata websait, mutane na yin oda daga Kano, Kaduna har Abuja.

Kafin a rubuta komai, a ɗauki takarda da biro a bi sawun oda guda ɗaya. Kwastoma ta cike fom, ta sa suna, lambar waya da adireshin gida. Ta biya kuɗi ta kamfanin biyan kuɗi na Paystack, ke nan lambar katinta can ta tafi, ba hannun Hajiya ta shigo ba. Saƙon odar ya faɗo imel ɗin ɗan Hajiya, shi kuma ya tura wa yarinyar shago ta WhatsApp, aka ɗaure kaya aka rubuta suna da lamba a jikin kwali aka kai tasha aka ba direba. Kun ga hannu nawa lambar baiwar Allah nan ta bi? Abin da aka rubuta a takardar nan shi ne ƙashin bayan shafin sirri.

Akwai doka a kai. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane ta Najeriya, kuma hukumar NDPC ce ke kula da ita. Dokar ta ce duk wanda zai karɓi bayanan mutum sai ya faɗa masa ko shi wane ne, me zai karɓa, don me, wa zai ba, kuma har yaushe zai ajiye. Mai bayanan yana da haƙƙin ya ce a nuna masa abin da aka ajiye a kansa, a gyara in da kuskure, ko a goge, kuma yana iya kai ƙara wurin hukumar. Ƙaramin ɗan kasuwa ma tarar na iya kaiwa naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin ɗari na cinikinsa na shekara in shi ya fi yawa.

To Hajiya sai ta rubuta nata da Hausa yadda kowa zai gane, dokar ma bayani mai sauƙin fahimta take so. Ta fara da sunan kasuwancin kamar yadda yake a rajistar CAC, da adireshin shago da lambar da za a kira. Sai ta ce, "Muna karɓar sunanki da lambarki da adireshinki don mu kawo miki kaya. Muna ba direba ko mai kai saƙo suna da lamba kawai. Ba ma ganin lambar katinki, kamfanin biyan kuɗi ne ke karɓa." Sai ta faɗi tsawon lokacin da za ta ajiye bayanan oda, kuma lokacin da ta san za ta iya cikawa za ta rubuta.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne bayan an gama ciniki. An karɓi lambar mace don a kai mata turare, washegari ta tsinci kanta a cikin guruf na talla da mutum ɗari biyu, maza da mata kowa na ganin lambarta. Wallahi wannan bai dace ba, matar aure ce wataƙila, kuma ba don haka ta ba da lambar ba. In kana son tura talla ka sa wani ɗan akwati daban a fom wanda za ta danna da kanta, kar ka danna mata tun kafin ta zo, kuma ranar da ta ce a daina sai a daina. Haka ɗora rasit ɗin kwastoma a status da sunanta da bankinta don a nuna ana ciniki, a rufe sunan tukuna. In kuma wayar shago ta ɓace ko aka yi kutse aka kwashe bayanan mutane ta yadda zai iya cutar da su, doka ta ba da awa 72 a sanar da NDPC.

Sai kukis. Wata ƴar alama ce da websait ke ajiyewa a burauzar wayar mutum don ya gane shi in ya dawo. Wasu dole ne, kamar wadda ke riƙe kayan da kwastoma ta zuba a kwando har ta biya, waɗannan faɗa kawai za a yi ana amfani da su. Wasu kuwa na ƙidayar baƙi ne da talla, irin `_ga` ta Google Analytics da ke iya zama shekara 2, da `_fbp` ta Facebook mai kwana 90, su sai mutum ya yarda. Shi ya sa sanarwar take buƙatar maɓalli biyu, Accept da Reject, ba Accept kaɗai ba.

Sanarwa da yawa ado ce kawai, kukis ɗin sun riga sun sauka kafin a danna komai. Ga yadda za a gane. A kwamfuta a buɗe Chrome a sabon shafin Incognito, a shiga websait ɗin, kar a taɓa sanarwar. A danna F12, a zaɓi Application, sannan Cookies, a danna adireshin websait ɗin da ke ƙarƙashinsa. In aka ga `_ga` ko `_fbp` a jerin, to a mayar wa mai ginin ya gyara, su jira har sai an danna Accept.

Shafin sharuɗɗa kuma na ranar rigima ne. Kwalbar humra ta fashe a mota tsakanin Katsina da Kaduna, asarar wa? Hajiya ta rubuta tun yanzu: wa ke biyan kuɗin mota, kwana nawa kaya ke yi a hanya, kwana nawa kwastoma ke da shi ta turo hoto in kaya sun lalace, kuma canji za a yi mata ko kuɗi za a mayar. In tana aikawa Maraɗi ta Jibiya, ta faɗi da naira za a biya ko da sefa. Amma kar ta rubuta wai in an saya ba a dawowa ko ta halin ƙaƙa, domin dokar kare masu saye ta 2018 wadda hukumar FCCPC ke kula da ita ta ba mutum damar mayar da kayan da suka zo da aibi ko suka saɓa da abin da aka tallata, rubutun shafinka ba ya soke wannan. A sa mahaɗin sharuɗɗan kusa da maɓallin biya don a gani kafin kuɗi su fita, a sa kwanan wata a saman kowane shafi, in da hali lauya ya duba.

Aikin gida: kowa ya rubuto duk wanda ke ganin lambar kwastomansa, tun daga yin oda har kaya su isa hannu, a zo da takardar darasi mai zuwa mu rubuta shafin sirri da ita.