Marmara da Baƙin Dutse a Harsashi da Katanga: Inda Aka Fi Yin Kuskure

Yawancin masu gini idan za su sayi dutse tambaya ɗaya suke yi, wato wanne ya fi ƙarfi. Amsar ba ta da wuya. Baƙin dutse, irin na Kufena a Zariya ko wanda ake fasawa a Mpape ta Abuja, yana ɗaukar sama da kilo 1,000 a kan kowace santimita murabba'i kafin ya fashe. Marmara kuwa, jan dutsen nan mai ƙofofi irin wanda ya rufe kan Dala da Goron Dutse a Kano, ƙa'idar ginin ƙasar Indiya, inda ake yanka ta kamar bulo, ta ce kada ta gaza kilo 35. Tazarar tana da yawa, shi ya sa mutane suke ɗauka cewa duk wanda ya zuba baƙin dutse ya gama da matsala, wanda ya yi da marmara kuma ya yi ginin talauci. Wannan zaton shi ne tushen kusan duk kurakuran da ke biye.

A ɗauki gida mai hawa ɗaya, katangar bulo inci tara, tsayi mita uku, da rufin kwano. In aka haɗa nauyin katangar da filasta da rufi da harsashin kansa, kowace mita ɗaya ta tsawon katanga tana sauke wajen tan biyu, wato kilo 2,000. Idan faɗin harsashin dutsen santimita 40 ne, nauyin ya bazu a kan santimita murabba'i 4,000, kowace ɗaya ta sami rabin kilo ke nan. Ko da an ce turmin siminti da gaɓoɓi sun rage ƙarfin marmara ya koma kashi ɗaya cikin goma, har yanzu tana da rara mai yawa. Ƙasar da ke ƙarƙashi ita ce mai rauni, domin ƙasa mai tauri ta yau da kullum kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi take ɗauka a kan kowace santimita murabba'i. Saboda haka a ƙaramin gida da wuya nauyi ya murƙushe dutse. Abin da ke kayar da gini shi ne ruwa, da rashin ɗaure duwatsun da juna, da sa kowane dutse a inda ba wurinsa ba.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar marmara duk ɗaya ce. A rami guda ma ba ɗaya ba ce. Ta saman, mai duhun ja da ke kusa da launin ruwan ƙasa, ita ce ƙarfe ya fi yawa a cikinta, kuma ta fi tauri. Ana yin ƙasa tana yin haske, ana ganin ɗigo-ɗigon fari da rawaya, wannan laka ce, kuma laka in ta sha ruwa sai ta saki. Mai tifa ba ruwansa, abin da diga ta ɓamɓaro shi zai loda. Don haka kafin a sauke kaya, a ɗebi guda biyar ko shida daga wurare daban-daban na lodin. A buga da guduma: mai kyau tana ƙara tsaf, maras kyau kuma sai ka ji bif, gefenta na zuba. A karce ta da ƙusa, in ƙusar ta nutse ta fito da gari, ba ta harsashi ba ce. Gwajin da ya fi kowanne shi ne na jiƙo. A shanya dutsen ya bushe, a auna shi, a nutsar da shi cikin bokiti kwana ɗaya cur, a goge a sake aunawa. Dutse mai kilo 10 bai kamata ya wuce kilo 11.2 ba, wato ƙarin kashi 12 cikin ɗari. In ka leƙa gindin bokitin ka tarar da jan taɓo ya kwanta har ana iya kwasa da yatsa, ko kusurwoyin dutsen sun lanƙwame, to wannan sai dai ciko.

Akwai kuma gaggawa. Marmara tana fitowa daga rami da ɗanshi da taushi, sai ta sha iska take yin tauri. Wanda ya haƙo yau ya gina gobe ya binne ta tun ba ta ƙosa ba. A jera ta da tazara a bar ta ta sha iska wajen wata uku. Wanda zai fara gini bayan damina sai ya tanadi dutsensa tun da wuri.

Kuskuren da ya fi cin mutane kuɗi shi ne sa marmara inda ruwa ke kwana. Ƙofofin da ke jikinta suna jan ruwa daga ƙasa zuwa sama yadda lagwani ke jan kananzir, kuma jiƙaƙƙiyar marmara ba ta kai busasshiya ƙarfi. Alamar kowa ya san ta: gindin katanga ya yi duhu har kusan gwiwa, farin gishiri ya fito, fenti ya kumbura, filasta in ka ƙwanƙwasa ta yi ƙarar holoƙo. Mai gida sai ya kira magini a kankare a sake filasta da siminti mai yawa, ko a manna tayil. Hakan rufe ruwan yake yi a ciki, sai ya ƙara hawa sama, baɗi a ga tabon ya wuce inda yake.

A fili mai tudu wanda ruwa ba ya tsayawa, zaɓaɓɓiyar marmara tana yin harsashin gida mai hawa ɗaya lafiya lau. Amma a fadama, ko bakin kwata, ko duk inda rijiya ke cika har kusan baki da damina, baƙin dutse ya kamata a sa tun daga gindi har ya ɗago santimita 30 zuwa 45 sama da ƙasa, domin ruwan da yake sha bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A kansa a zuba kankare, a shimfiɗa leda mai kauri wadda ba ta huje ba, ta rufe faɗin katangar gaba ɗaya, sannan marmara ko bulo su hau. Kada a bari filastar waje ta sauka ta tsallake wannan ledar ta taɓa ƙasa, in ba haka ba ruwan ya sami wata hanyar hawa. Gidan da ya riga ya kamu kuwa, daga waje ake fara gyara: a gyara indararo, a kwashe ƙasar da aka tara a gindin katanga, a yi daɓe mai gangara faɗin kusan mita ɗaya, a ɓamɓare filastar da ta lalace a bar katangar ta bushe cikin rani kafin a mayar.

Baƙin dutse ma yana da nasa masu ɓata shi, kuma abin ya fi ba ni takaici saboda kuɗin da aka kashe. Za ka ga an haƙa rami, leburori sun juye duwatsu da baro, an watsa ruwan siminti a sama, an ce an yi harsashi. A ƙarƙashi kuwa duk rami ne. Baƙin dutse ba ya tsotsar ruwan siminti, fuskarsa kuma sulɓi gare ta, in ƙurar fasa tana jikinsa simintin ƙurar zai kama ba dutsen ba. Sai an wanke shi, a kwantar da kowane ɗaya a kan faffaɗan gefensa cikin turmi, a cusa ƙanana a tsakani, kada gaɓar sama ta faɗa daidai kan gaɓar ƙasa. Mulmulallun duwatsun rafi a fasa su tukuna, don ba sa zama a kan juna. Marmara kuwa jiƙa ta ake yi kafin a ɗora, domin busasshiya tana shanye ruwan turmi nan take, simintin ya ƙone bai kama ba. Ka ga maginin da ya saba da ɗaya, in ya koma kan ɗayar da hannu iri ɗaya, zai yi ɓarna.

A katangar dutse mai kauri, magini yakan gyara fuskar waje da fuskar ciki su yi kyau, ya cika tsakiya da ɓaraguzai. Katanga biyu ke nan sirara suna tsaye kusa da juna, kuma da sannu ɗaya za ta yi ciki ta rabu. Maganinsa dogon dutse mai ratsa kaurin katangar daga fuska zuwa fuska, ɗaya a kowace mita guda, a maimaita duk bayan hawan santimita 60, ana karkata wurinsu. Mai gida na iya duba wannan da idonsa kafin a rufe layi. Turmin kuma, buhun siminti kwanon sarki biyu ne, sai a haɗa shi da kwano goma sha biyu na yashi mai tsabta a aikin yau da kullum, ko takwas a harsashin da ke cikin ɗanshi. Ga marmara kada a wuce gona da iri wajen siminti, don turmin da ya fi dutsen tauri nesa yakan sa tsagar ta bi ta jikin dutsen maimakon gaɓa.

Ba kuma duk abin da aka kira baƙin dutse ne mai lafiya ba. Ɓawon saman dutse da rana da ruwa suka daɗe suna duka yana yin ja-ja, yana marmashewa a hannu. Wanda aka fasa da wutar taya ko itace shi ma yakan ɗauki tsagogin da ido ba ya gani. Guduma za ta tona su.

Sai maganar kankare. Inda baƙin dutse ya yi nisa, kamar yankin Sakkwato, kuɗin tifa yakan sa a yi sha'awar zuba burji ko tsakuwar marmara a ginshiƙi da linta da dakin, wato rufin kankare. Tsakuwar marmara tana zuwa da laka a jikinta, tana shan ruwan haɗi, kuma ita kanta tana fashewa kafin simintin. Kankaren ya fito da rauni da ƙofofi, ruwa ya isa ga rodi ya yi tsatsa. Duk inda rodi ya shiga, a sa fasasshen baƙin dutse mai girman milimita 20, a haɗin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, in ba injiniya ya rubuta wani haɗin ba. Haka nan kada a ɗora bakin bim ko ƙafar tankin ruwa kai tsaye a kan katangar marmara, domin a nan nauyin ya taru wuri ɗaya, lissafin rabin kilon nan ya daina aiki. A zuba matashin kankare a ƙarƙashi, ko a tayar da ginshiƙi. Bene kuwa sai an gwada ƙasa da dutsen, injiniya ya yi lissafi.

Wurin burji shi ne ciko a ƙarƙashin daɓe, kuma a nan ya fi baƙin dutse arha da sauƙin dannuwa. Sai dai a zuba shi hawa-hawa, kaurin santimita 15, a yayyafa ruwa har ya dunƙule a hannu ba tare da ya ɗiga ba, a daddanne kafin a ƙara wani. Wanda ya juye tifa uku a ɗaki lokaci guda ya danne saman kawai, bayan damina ɗaya ko biyu zai ga tsakiyar daɓen ta lotsa, tayil ya tsage a bin gindin katanga.