Kafin ku tayani solbin, ku fara kwafo tambayar

Jama'a dan Allah in an turo hoton lissafi na rubutun hannu kar a fada kai tsaye. Jiya kanwata ta turo min x² + 3, hoton ya dushe, karamin 2 din nan na sama ya zame kasa na dauka 2x ne, da x = 5 na samu 13 alhali amsar 28 ce. Layin kasafi ma haka yake, 1/(x+2) daban da 1/x + 2, duba inda layin ya tsaya. Ni yanzu sai na sake rubuta tambayar da baka-biyu na tura mata nace haka take? In tace eh sannan na fara.