Yadda ake shimfiɗa tayil a banɗaki ruwa ya riƙa bin hanyarsa

Banɗakin da za ka yi wanka ka koma kana korar ruwa da tsintsiya, tun daga daɓe aka ɓata shi. Gam ɗin tayil ba ya gyara gangare, don haka a daɓen za ka fi daɗewa.

Fara da share ƙasan, ka kankare busasshen siminti da fenti, ka toshe bakin magudana da tsumma. Sai awo. Ɗauki banɗaki mai mita 2 da mita 1.5, magudanar tana kusurwa, irin wanda na yi a Tudun Wada ta Gusau. Daga magudana zuwa kusurwar da ta fi nisa mita 2.5 ne. Kowace mita tana son gangaren santimita 1.5, ke nan kusurwar can za ta ɗara bakin magudana da kusan santimita 4. Yi alama a bango, ka ja igiya zuwa magudanar, ka zuba daɓe na siminti kwano 1, yashi kwano 4, kana bin igiyar. Ka bar ƙasan banɗakin ya gaza dokin ƙofa da santimita 2, kada ruwa ya shiga ɗaki.

Riƙa yayyafa wa daɓen ruwa har kwana 7. Daga nan ka cire tsumman ka sheƙa bokiti guda, ka tsuguna ka kalla. Duk inda ruwa ya kwanta, zagaye wurin da alli ka cike. Wallahi wannan bokitin ya sha cetona daga fasa aiki. In daɓen ya bushe, shafa maganin hana yoyo, ka hau da shi bango kamar taƙi guda.

Zaɓi ƙaramin tayil marar santsi, 30 da 30, domin babba ba ya bin gangare sai an yanka shi. Tayil ɗin fosilin kusan ba ya shan ruwa, siminti zalla ba ya kama shi. Nemi gam mai alamar C2 a jikin buhu. Kwaɓa kaɗan kaɗan, don da zafin Afrilu ko iskar hunturu yana yin ɓawo kafin minti 20. Taɓa da yatsa, in bai manne ba kwashe shi. Shafa da cokali mai haƙora, ka fara daga magudana, ka bar tazarar milimita 3 tsakanin tayil. Washegari ƙwanƙwasa kowanne da makulli: wanda ya yi ƙarar ganga akwai rami a ƙarƙashinsa, ɗaga shi.

Bayan awa 24 sai cike tsaga. Garin cike tsaga na buhu ya fi farin siminti, wanda ke tsagewa ya yi baƙi. Tura shi a karkace da roba, ka goge da ɗanyen soso bayan minti 15. Inda ƙasa ta haɗu da bango, silikon za ka sa. Kada kowa ya yi wanka a ciki sai bayan kwana 3.