Ka haddace kalmomin Scrum tsaf, amma jarrabawa ta kayar da kai: ina kuskuren yake?

Scrum tsari ne da ƙungiya ke bi ta gudanar da aikinta zango-zango. Wanda ya zauna jarrabawar PSM I, matakin farko na shaidar sanin Scrum da Scrum.org ke bayarwa, yana da tambayoyi 80 da minti 60, kuma sai ya ci kashi 85 cikin ɗari kafin a ba shi takardar shaida. Wato amsa 68 daidai, kuskure 12 kaɗai aka yafe masa, kuma kowace tambaya tana da daƙiƙa 45 idan aka raba lokacin. Ta CSM da Scrum Alliance ke bayarwa ta fi sassauci, tambayoyi 50 ne ana neman 37, sai dai ba a zama sai an halarci kwas tukuna. A kan ta farko zan fi tsayawa, domin ita ce ɗan ƙungiya kan shirya wa shi kaɗai a ɗakinsa, kuma a nan ne hadda take yaudarar mutum.

Littafin da ake gina tambayoyin a kansa, Scrum Guide na Ken Schwaber da Jeff Sutherland, ɗan ƙarami ne, ana karance shi a zama ɗaya. Ƙanƙantarsa ce ke sa mutum ya raina shi. Sai ya haddace cewa taron kullum minti 15 ne, cewa Sprint, wato zangon aiki, ba ya wuce wata ɗaya, ya ga kamar ya gama. Irin waɗannan tambayoyin suna fitowa, amma ba su ne ke kayar da mutane ba. Masu kayarwa su ne waɗanda ake ba ka wani yanayi na aiki, a jera maka amsoshi da kowacce take kama da hankali, a ce ka zaɓi mafi dacewa. Abin da ake auna maka a ciki kusan kullum ɗaya ne: hukuncin nan na wane ne, kuma me zai ɓoyu idan aka yanke shi ba daidai ba.

Bari in ɗauki misali guda in bi shi har ƙarshe. Ƙungiya ce ta mutum bakwai, tana gina manhajar sayayya, Sprint ɗinta mako biyu ne. Manufar wannan zangon, wadda a allo za ka gan ta da sunan Sprint Goal, ita ce mai saye ya iya biyan kuɗi da kati. Sun ɗauki ayyuka biyar. Ranar ƙarshe ta zo, huɗu sun kammala, na biyar kuma, aika rasit ta imel, an rubuta shi amma ba a gwada ba. Sharaɗin kammalawa da ƙungiyar ke bi, wato Definition of Done, ya ce ba a kiran aiki kammalalle sai an gwada shi. Me za a yi da na biyar ɗin?

Mai hadda yakan fara karkata ga ƙara kwana biyu a kan zangon, tunda saura kaɗan. Wannan ya faɗi tun daga tushe. Tsawon Sprint kafaffe ne, kuma sabo yana farawa ne da zarar na baya ya ƙare. Dalilin shi ne ranar ƙarshen ita ce ranar da kowa zai ga gaskiyar inda aka tsaya. Idan ana matsar da ita duk lokacin da aiki ya yi nauyi, ba ranar da za a taɓa gane cewa ƙungiyar tana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta.

Amsa ta biyu ta fi jan hankali: a nuna aikin a Sprint Review, taron duba abin da aka yi a ƙarshen zango, a gaya wa masu ruwa da tsaki cewa ya kai kashi casa'in. Kamar gaskiya ce aka faɗa, shi ya sa da yawa ke zaɓarta. Amma littafin ya faɗa ƙarara cewa aikin da bai cika sharaɗin kammalawa ba, ba a sakinsa, ba a ma gabatar da shi a wannan taron. Kashi casa'in na abin da ba a gwada ba zato ne kawai. Gwajin na iya tono matsalar da za ta ci mako guda, kuma mutanen da suka ga rasit yana fita a allo sun riga sun tafi da tunanin an gama, za su tsara nasu aikin a kan haka.

Ta uku ita ce wadda na fi ganin gogaggun ma'aikata suna faɗawa cikinta: a tura shi kai tsaye zuwa zango na gaba. Haka ake yi a wuraren aiki da yawa, manhajar bin ayyuka ma takan ba ka maɓallin yin hakan. Sai dai amsar jarrabawa ita ce aikin ya koma cikin Product Backlog, jerin duk abin da ake son yi nan gaba. Bambancin ba ƙarami ba ne. Tsara wannan jerin alhakin Product Owner ne, wato mutumin da ke yanke abin da ya fi muhimmanci a gina, kuma mai yiwuwa a cikin mako biyun nan wani abu ya taso da ya fi rasit muhimmanci. Idan aikin ya tsallaka da kansa, an yanke hukunci a madadinsa ba tare da an tambaye shi ba. Yana iya sa shi a saman jerin, a ɗauke shi gobe. Hakan ba laifi, tunda mai hukuncin ne ya yanke.

Yanzu sauya abu ɗaya a labarin. A ce a rana ta huɗu aka gane cewa biyar ɗin ba za su yiwu ba. Nan amsar ta canja: masu aikin, waɗanda littafin ke kira Developers, za su zauna da Product Owner su sake daidaita yawan aikin, ba tare da an taɓa manufar zangon ba kuma ba a rage inganci ba. Ana iya ajiye rasit, domin biya da kati zai yiwu ba tare da shi ba. Soke zangon gaba ɗaya ba ya tasowa sai manufar kanta ta zama ba ta da amfani, kuma Product Owner kaɗai ke da ikon yin hakan. Wanda ya haddace jumla ɗaya zai ba wa labaran biyu amsa ɗaya. Gyaran shi ne, duk tambayar gwaji da ka yi, ka rubuta wa kowace amsa mara kyau dalilin rashin kyaunta a layi ɗaya, sannan ka sauya ranar ko mutumin da ke cikin labarin ka ga ko amsar za ta motsa. Tambaya goma da aka yi wa haka sun fi ɗari da aka bi a guje.

Kuskure na biyu mai girma shi ne ɗaukar Scrum Master a matsayin manaja. Za a ce maka mutum biyu a ƙungiya sun saɓa kan yadda za a gina wani sashe, ko wani yana zuwa taron kullum a makare. A cikin amsoshin za ka ga wadda yake raba aiki, ko ya yanke wa masu gardama hukunci, ko ya kai ƙara wurin shugaba. Duk wanda ya saba da ofis mai oga zai ji su daidai. Amma ƙungiyar Scrum ita ke tafiyar da kanta: su ne ke zaɓar wa zai yi me, yaushe, kuma ta wace hanya. Aikin Scrum Master shi ne ya koyar, ya taimaka musu su ga matsalar su warware, ya sa a kawar da abin da ya tare hanya. Taron kullum ma na Developers ne. Ba rahoto ake ba shi ba, kuma ba dole ya halarta ba, abin da ke kansa shi ne ya tabbatar ana yinsa cikin minti 15. Sai dai kada ka wuce gona da iri ka riƙa zaɓar duk amsar da ya naɗe hannu. Idan cikas ɗin ya fi ƙarfin ƙungiyar, misali wani sashe na kamfani ya riƙe musu izinin da suke buƙata, tashi zai yi ya bi maganar.

Akwai kuma masu karatu da tsohon kaya ba su sani ba. An sabunta littafin a Nuwamba 2020, kuma bayanai da yawa da ke yawo na bugun 2017 ne. Gane su ba wuya. Idan ka ga an ce masu aiki su kasance tsakanin uku da tara, ko an kawo tambayoyi uku na taron kullum kamar suna cikin littafin, ko ba a ambaci Product Goal, wato babbar manufar abin da ake ginawa, ko sau ɗaya ba, to tsoho ne. Bugun 2020 cewa ya yi ƙungiyar gaba ɗayanta yawanci mutum goma ne ko ƙasa da haka, ya kuma cire tambayoyin ukun.

Dangin wannan shi ne kawo al'adar wurin aikinka cikin jarrabawa. Makin kimanta aiki da lissafin saurin ƙungiya dabaru ne da mutane suka ƙara, suna iya amfani, amma Scrum bai wajabta su ba. Haka zangon share fage da wasu ke yi kafin a fara, da zangon gyare-gyare da ake warewa a ƙarshe, babu su a ciki, domin kowane zango ana son ya fitar da abin da za a iya amfani da shi. Duk amsar da ta ce dole ne a yi ɗaya daga cikin waɗannan, ka yi mata kallon tuhuma.

Sauran asarar maki daga karatun tambaya take zuwa. Kalma ɗaya takan juya amsa: "dole" daban, "ana iya" daban. Taron tsara zango ba ya wuce awa takwas idan zangon wata ɗaya ne, kuma ga gajeren zango littafin cewa ya yi yawanci yakan fi gajarta. Bai ce mako biyu dole awa huɗu ba. Wasu tambayoyin kuma amsa biyu ko uku suke nema, mai gaggawa ya danna ɗaya ya wuce. Kada ka dogara da cewa za ka buɗe littafi kana dubawa, daƙiƙa 45 ba ta isa neman shafi. Tambayar da ta tsaya maka, ka ba ta amsar da ta fi kwanta maka, ka sa mata alama, ka dawo idan lokaci ya rage.

Scrum.org tana da gwajin kyauta mai suna Scrum Open, kuma ya kamata ka yi shi sau da yawa. Amma tambayoyinsa suna maimaituwa, don haka bayan wasu zagaye za ka fara cin cikakken maki saboda idonka ya gane siffar amsa kafin ka karanta tambayar. Idan ka kai nan, rufe amsoshin da hannu, ka karanta tambayar kaɗai, ka faɗi amsarka da dalilinta da baki kafin ka duba. Inda ka kasa kawo dalili, koma wannan sakin layin a littafin ka sake karanta shi kafin ka biya kuɗin zama.