Yadda na shawo kan firgici a cunkoson kasuwar Mile 12

Firgicin yakan kama ni ne idan motocin tumatir suka toshe hanya a kasuwar Mile 12 ta Legas, jama'a suka matse ni ta kowane gefe, sai zuciyata ta shiga bugawa, yatsuna su yi minjirya. Bayan likita ya auna zuciyata ya same ta lafiya, ya bayyana mini cewa sinadarin adirenalin ne ke shirya jiki don gudu, kuma saurin numfashi yana fitar da iskar kabon fiye da kima, abin da ke kawo jiri da minjiryar. Ke nan ƙara haki yana ƙara wutar ne.

Yanzu nakan jingina da bangon wata rumfa, in ja numfashi ta hanci na daƙiƙa 4, in sake shi a hankali na daƙiƙa 6, ina lura cikina ne ke tashi maimakon ƙirji. Ba na barin wurin, domin gudu yana koya wa jiki cewa cunkoson haɗari ne, alhali tsananin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 sannan ya sauka. Amma ciwon ƙirji mai sauka zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko suma, wannan na asibiti ne nan take.