Darasi: Sayen caja ga kwamfutar hannu idan ta asali ta ɓata

Cajar kwamfutar hannu tana karɓar kuran na gida, wanda a nan Damagaram yake bolt 220, ta mayar da shi ƙaramar wuta mai tafiya hanya ɗaya wadda ake kira DC, mafi yawa bolt 19 zuwa 20. Idan cajarku ta ɓata, ko aka ara ba a maido ba, ko kun sayi kwamfuta ta hannu ba tare da ita ba, shigar kan caja cikin rami ba ta isa hujja ba. Caja na iya shiga daram kuma ta ƙone kwamfuta nan take.

Karanta bayan kwamfuta

Kafin ku nufi Kasuwar Dole ko shagon mai gyara, ku kifa kwamfutar ku duba ƙasanta. Akwai ƙaramin rubutu a kan takarda ko a jikin robar. A tsofaffin kwamfutoci yakan ɓuya a ƙarƙashin batir, sai an cire shi a gani. Ku nemi layin da ke da lamba da harafin V, da wata lamba da harafin A. A darasin nan za mu bi misalin wata tsohuwar Toshiba wadda aka rubuta mata haka:

```
DC 19V  3.42A
```

V yana nufin bolt, wato ƙarfin turin wuta. A yana nufin amfa, wato yawan wutar da kwamfutar ke iya ja. Idan aka ninka su a sami wat: 19 sau 3.42 ya ba da 65. Kenan wannan kwamfuta tana son caja mai bolt 19 da wat 65. Ku kwafe lambobin a takarda, ko ku ɗauke su hoto da salula. Idan rubutun ya goge, lambar samfurin kwamfutar ta isa mai gyara ya nemo su.

Ita ma caja tana da nata rubutu, layi biyu, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Layin INPUT ko Entrée yana maganar kuran da ke shiga daga bango, yawanci 100-240V, kuma wannan ya dace da wutarmu. Wanda za ku gwada da na kwamfuta shi ne layin OUTPUT ko Sortie.

Bolt dole ya zo daidai, amfa kuwa ya kai ko ya wuce

A ce mai shago ya ajiye muku caja uku, kowacce kanta ya shiga ramin Toshibar.

Ta farko an rubuta mata 12V 2A. Irin wannan ta dikoda ce ko ta akwatin intanet. Bolt 12 bai kai ba, don haka mafi yawan lokaci kwamfutar ba za ta kula ta ba, batir ba zai ɗauki caji ba. Akasin haka ya fi muni. Caja mai 24V za ta tura wa ƙananan kayan da ke bakin shigar wuta abin da ya fi ƙarfinsu, kuma idan suka ƙone sai an buɗe kwamfutar an yi aiki a babban allonta na ciki, aikin da ya fi caja tsada nesa ba kusa ba. Bambancin rabin bolt, kamar 19 da 19.5, yawancin kwamfutoci suna jure shi. Duk da haka shawararmu ita ce ku nemi lambar da aka rubuta, kada ku yarda da rabin bolt ɗin sai in babu wata.

Ta biyu an rubuta mata 19V 2.37A. Bolt ya yi daidai, amma idan kuka ninka za ku sami wat 45 kawai, alhali ana son 65. Wannan ita ce ke yaudarar mai saye, domin a shago za ta yi aiki: fitila za ta kama, alamar caji za ta fito. Sai an je gida an buɗe aiki mai nauyi ga batir babu komai, sannan cajar ta ɗauki zafi har hannu bai iya riƙe ta, ko ta riƙa yankewa tana dawowa, ko a ga batir yana raguwa alhali yana jone. A zafin watan Afrilu da Mayu irin wannan caja ba ta daɗewa.

Ta uku an rubuta mata 19V 4.74A, wato wat 90. Mutane da yawa suna tsoronta, wai ta fi ƙarfin kwamfutar. Ba haka ba ne. Caja ba ta ɗura wa kwamfuta amfa, kwamfutar ce ke jan abin da take bukata. Kamar randa ce da moɗa: girman randa bai sa a sha fiye da ƙishi. Toshibar za ta ja abin da bai wuce 3.42 ba, cajar kuma ta yi aiki ba tare da wahala ba. Cikin ukun nan wannan ce abin ɗauka, idan ta tsallake sauran gwaji biyu.

Girman kan caja

Kan caja mai zagaye ana auna shi da lamba biyu a milimita, faɗin waje da faɗin ramin ciki. Na Toshiba da na tsofaffin Asus da yawa shi ne 5.5 da 2.5. Na Acer da yawa 5.5 da 1.7. Akwai kuma 5.5 da 2.1, wanda aka fi gani a cajojin bolt 12. Duka ukun daga waje ɗaya suke, ido bai raba su. Bambancin yana ciki.

A cikin ramin kwamfuta akwai ɗan tsinken ƙarfe wanda ke shiga ramin kan caja. Idan ramin kan ya yi ƙanƙanta, kan zai ƙi shiga har ƙarshe, kuma wanda ya danna da ƙarfi zai lanƙwasa tsinken ko ya karya mazauninsa. Idan ramin ya yi girma, kan zai shiga amma ƙarfen biyu ba su kama juna sosai ba. Za a ga caji yana zuwa yana ɗaukewa in an taɓa waya, wurin kuma ya yi zafi har roba ta fara narkewa. Saboda haka ku tafi da kwamfutar kanta shago. Ku soka kan tun cajar ba ta jone da kuran ba. Ya kamata ya shiga har ƙarshe ba da dannawa ba, kuma in kun ɗan motsa shi kada ya yi lilo.

Cajojin HP da Dell da yawa suna da wani abu daban. Kansu, ko babba mai 7.4 da 5.0 ko ƙarami mai 4.5 da 3.0, yana da siririyar allura a tsakiya. Allurar ba ta ɗaukar wutar caji, ta cikinta kwamfuta ke gane ƙarfin cajar. Girman kan kamfanonin biyu ɗaya ne, bolt ɗinsu ma sau da yawa 19.5 ne, amma hanyar ganewar ta bambanta. Dell da aka sa wa cajar HP takan kunnu, amma ta ƙi cajin batir ta kuma rage gudun aikinta. Haka take yi in allurar ta karye. Mai irin waɗannan kwamfutoci ya nemi cajar kamfaninsu, ya kuma leƙa cikin kan ya tabbata allurar tana tsaye.

Ɓangaren tarawa da na ɗebewa

Wutar da ke fita daga caja tana da ɓangare biyu, mai alamar tarawa + da mai alamar ɗebewa −. A kan mai zagaye, ɗaya yana ƙarfen ciki, ɗaya yana ƙarfen waje. A jikin caja akwai ɗan zane da ke nuna wannan: ɗigo a tsakiya, da rabin da'ira kewaye da shi.

```
(−)──C•──(+)
```

Ku bi layin da ya fito daga ɗigon tsakiya. Idan ya je ga alamar tarawa, kamar a zanen nan, to ciki ne tarawa, waje ɗebewa. Kusan duk kwamfutocin hannu haka suke so. Haɗarin yana zuwa daga wurare biyu. Na farko cajar da aka taɓa yanke wayarta aka yi mata ɗori, mai ɗorin ya juya wayoyin bai sani ba. Na biyu cajar nan mai kawuna da yawa da ake canzawa, domin a wasu irinta kan yana iya zama a juye, ga kuma maɓallin zaɓen bolt da yaro zai iya turawa zuwa 24. Wutar da ta shiga a juye tana iya kashe kwamfuta cikin ƙiftawar ido, ba ta ba da wata alama kafin nan.

In kun ga ɗori ko salatif a jikin waya, kada ku amince da zanen, ku sa a auna. Duk mai gyaran salula ko rediyo yana da mitar awon wuta. Ku ce masa: “Malam, don Allah auna mini ita in gani da idona.” Zai juya mitar zuwa ɓangaren DC, a kan 200, domin matakin 20 bai isa ya nuna caja mai bolt 20 ba. Sai ya jona cajar da kuran, ya sa jan tsinke cikin ramin kan, ya ɗora baƙin a ƙarfen waje. Ga cajarmu ta uku, mita za ta nuna kusan 19, ko ɗan sama kaɗan kamar 19.3. Idan alamar ɗebewa ta fito gaban lambar, wutar a juye take, ku bar ta. A kai mai allura kuwa tarawa tana bangon ciki na kan, kuma dole a kiyaye kada tsinken mita ya haɗa allurar da bangon, domin hakan na iya lalata abin ganewar.

Mita tana nuna bolt da ɓangare, amma ba ta nuna ko cajar za ta iya ba da amfa ɗin da aka rubuta mata. Jabun caja sukan yi ƙarya a nan. Ana gane su da rashin nauyi a hannu, da siririyar waya, da kuma kibiyar allo da ke tsalle-tsalle da kanta da zarar an jona su.

Sababbin kwamfutoci masu ramin USB-C ba su da matsalar juyewar wuta, domin caja da kwamfuta suna daidaita bolt tsakaninsu. Abin dubawa kawai shi ne layin OUTPUT ya ƙunshi 20V kuma wat ya kai. Cajar salula, ko kanta ya shiga, yawanci ba ta kai ba.

Gwaji kafin biyan kuɗi

Ku jona cajar da kuran tukuna, sannan ku soka ta a kwamfuta. Ku kunna, ku bar ta tana aiki kamar minti goma sha biyar, ku ga lambar batir tana hawa. Ɗumi a jikin caja ba laifi ba ne. Zafin da hannu bai jurewa, ko ƙaurin roba, ko ƙarar tsiii daga ciki, dalili ne na cirewa nan take.

Kayan da suka fito daga Kano sukan zo da filogi mai ƙafa uku masu kusurwa, alhali soket ɗin gidajenmu mafi yawa mai rami biyu ne masu zagaye. Kada ku yanke filogin ku cusa tsirarar waya a bango. Wayar da ke zuwa bango yawanci cirewa ake yi daga jikin cajar, sai ku sayi wata mai filogin da ya dace, ku duba ko bakinta mai rami biyu ne ko uku. A gida kuma ku ajiye caja a kan siminti ko tebur, ba a kan katifa ko ƙarƙashin matashi ba.

Aikin gida: an rubuta wa wata Lenovo 20V 3.25A. Ku lissafa wat ɗinta, sannan ku faɗi wacce za ku ɗauka tsakanin caja mai 20V 2.25A da mai 20V 4.5A, da abin da za ku duba a kanta kafin ku jona.