Darasi: Karanta zanen tarin adadi a hoto don gano mediyan da santil

A taron ƙungiyar manoma ko a rahoton da ma'aikacin gona ya turo ta waya, kuna iya gamuwa da wani zane mai layi guda da ke hawa daga hagu zuwa dama, a hankali da farko, sannan da sauri, sannan ya kwanta a ƙarshe. Wannan shi ne zanen tarin adadi. Wanda ya iya karanta shi zai gano abin da mutumin tsakiya ya samu, wato mediyan, ko da bai ga jerin sunaye ba. Ku kawo kaye mai gida-gida kamar na dara, da regil, da kiriyon mai tsini. Kada ku yi da bik, don za a yi goge-goge.

Za mu yi aiki da misali ɗaya har ƙarshe. Lambobin na koyo ne, mu muka tsara su. A ce wata ƙungiya a yankin Galmi, cikin jihar Tawa, tana da manoman albasa 80, kuma an rubuta buhunan da kowa ya samu a kakar bana. An kasa su rukuni-rukuni, sannan aka riƙa tarawa:

Har zuwa buhu 10: mutum 6
Har zuwa buhu 20: mutum 20
Har zuwa buhu 30: mutum 44
Har zuwa buhu 40: mutum 64
Har zuwa buhu 50: mutum 74
Har zuwa buhu 60: mutum 80

Ku lura da kalmar "har zuwa". Mutum 44 ɗin nan ba su ne suka samu tsakanin 20 da 30 ba. Waɗanda suka samu tsakanin 20 da 30 su 24 ne, an ɗora su a kan 20 na baya, suka zama 44. Kamar zuba gero ne a rumbu: kowace tiya kan ta baya take hawa, shi ya sa layin ba ya taɓa saukowa.

Ku zana shi a kayenku. Layin kwance na ƙasa na buhuna ne, daga 0 zuwa 60. Layin tsaye na hagu na mutane ne, daga 0 zuwa 100. Ku ɗiga ɗigo shida ɗin, ku fara daga kusurwar sifiri, ku haɗa su.

Kafin a ɗora regil

Abubuwa biyu ake dubawa a hoto tun ba a ja layi ba. Na farko, ina layin ya ƙare? A zanenmu ya tsaya a 80, alhali lambobin gefe sun kai 100. Jimillar mutane ita ce inda layin ya tsaya, ba inda lambobin gefe suka tsaya ba. Masu zane sukan bar fili a sama don kyan gani kawai. Wani hoton kuma ba yawan mutane aka rubuta a gefe ba, kashi cikin ɗari ne, da alamar %. A irin wannan layin yana ƙarewa a 100, rabi kuwa 50 ne kai tsaye.

Na biyu, ƙaramin gida ɗaya nawa yake ɗauke da shi? Kada a ɗauka cewa ɗaya ne. Ku ƙirga gidajen da ke tsakanin lambobi biyu da aka rubuta. Idan daga 0 zuwa 20 akwai gida 10, kowane gida mutum 2 ne. Idan a ƙasa daga 20 zuwa 30 akwai gida 5, kowane gida buhu 2 ne. Ku yi wannan ƙirgar sau biyu, ɗaya ga gefe ɗaya ga ƙasa, domin ba dole ba ne su zo daidai. Ku rubuta amsar a gefen takarda don kada ta ɓace muku.

Neman mediyan

Ku ɗauka an jera manoman nan 80 a sahu, daga mai ƙaramin rabo zuwa mai babba. Abin da na tsakiyar sahu ya samu shi ne mediyan. Rabin 80 shi ne 40, don haka a gefen hagu za mu fara, a kan 40. Ku kwantar da regil a kan 40, ku ja layi zuwa dama har ya taɓa layin zanen. Ku sa ɗigo a wurin. Daga ɗigon ku sauko tsaye har layin buhuna. Za ku faɗo tsakanin 20 da 30, gida huɗu da ɗan ɗoriya bayan 20, in kowane gida buhu 2 ne. Gida huɗu buhu 8 ne, saboda haka amsar wajen buhu 28 ce. Ma'anarta, rabin manoman sun samu kimanin 28 ko ƙasa da haka, rabi kuma sama da haka.

Ana iya gwada ido da lissafi. A buhu 20 an tara mutum 20, muna neman na 40, saura mutum 20 ke nan. Rukunin 20 zuwa 30 yana da mutum 24, faɗinsa buhu 10. To, 20 cikin 24 na buhu 10 shi ne 8,3. A ɗora a kan 20, a samu 28,3. Ido da lissafi sun haɗu.

Amma kada ku je taro ku ce "buhu 28,3 cif". Zanen bai san yadda mutum 24 ɗin suka rarrabu a cikin rukuninsu ba. Lissafin ya ɗauka ne cewa sun bazu daidai wa daida, wataƙila kuwa yawancinsu sun cunkushe kusa da 30. Kuma wanda ya haɗa ɗigo da regil da wanda ya lanƙwasa layin da hannu ba za su samu amsa ɗaya tak ba. "Wajen 28" ita ce maganar gaskiya. Ga masu yara a kwaleji: za su iya ce muku an koya musu ƙara ɗaya kafin a raba biyu, wato 40,5. Wannan na jerin lambobi ne da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya. A kan zane, bambancin ko rabin gida ma bai kai ba, 40 ta wadatar.

Yanzu ga tarkon da ya fi kama mutane. Wani ya ga 100 a saman gefe, ya raba biyu, ya fara daga 50. Zai faɗo a buhu 33, ya ƙara wa manoma buhu 5 da ba su noma ba. Wani kuma ya dubi layin ƙasa, ya ga daga 0 zuwa 60, ya ce tsakiya 30. Wannan tsakiyar takarda ce, ba tsakiyar mutane ba. Mutane ake rabawa biyu, mutane kuwa a gefen hagu suke.

Santil da kartil

Santil hanya ɗaya ce da mediyan, wurin farawa ne kawai ya sauya. An raba sahun kashi ɗari. Santil na 90 shi ne iyakar da kashi 90 cikin ɗari na mutanen ba su wuce ba. A ninka 80 da 90, a raba da 100, a samu 72. A fara daga 72 a gefe, a je dama, a sauko: wajen buhu 48. Mutum 8 kaɗai suka haura nan. Mediyan kansa santil na 50 ne.

Santil na 25 da na 75 ana ce musu kartil na ɗaya da na uku, domin su da mediyan suna yanka sahun kashi huɗu. Rubu'in 80 shi ne 20, yana kai mu buhu 20 daidai. Uku cikin huɗu 60 ne, yana kai mu buhu 38. Tazarar da ke tsakaninsu buhu 18 ce, a cikinta rabin manoman na tsakiya suke. Idan ƙungiya za ta ware rubu'in da ya fi samun ƙarancin amfani don tallafin iri, buhu 20 ne iyakarta.

Ana bin hanyar da baya ma. Manomi ya ce ya samu buhu 35, yana son sanin matsayinsa. A fara daga 35 a ƙasa, a hau har layin, a juya hagu: 54. Mutum 54 suna daidai da shi ko bayansa, 26 sun fi shi. A nan ake yawan tuntuɓe: zanen yana ba da waɗanda ba su wuce ba. In an tambayi waɗanda suka wuce, sai an cire daga 80.

Abin da hoto kan ɓata

Zanen da aka ɗauka da waya ba kamar na takarda ba ne. Sau da yawa yakan karkace, ko kuma an ɗauke shi daga gefe, ɓangaren da ke kusa ya fi na nesa girma. Idan kuka daidaita regil da bakin wayar, za ku taɓa layin a wurin da ba shi ba. Ku bi layukan gidajen da ke cikin hoton, duk inda suka karkata regil ya bi su. In babu gidaje kuma hoton ya karkace sosai, ku nemi a sake ɗauka, a shimfiɗa takardar a ƙasa, a riƙe wayar daidai samanta.

Hoton da ba shi da gidaje amma yana miƙe ana auna shi da milimita. A ce daga 20 zuwa 30 ya auna milimita 30, ɗigon da kuka sauko kuma yana milimita 25 bayan 20. To 25 cikin 30 na buhu 10 shi ne 8,3, mun koma 28 ɗinmu. Sharaɗin shi ne a yi awon biyu a girma ɗaya. In yatsa ya taɓa fuskar wayar hoton ya ƙaru tsakanin awo na farko da na biyu, a sake daga farko.

Girman kuskure kuma ba ɗaya ba ne a ko'ina, kuma wannan ne abin da muka fi so ku riƙe. Inda layin yake hawa da sauri, tsakanin 20 da 30, mutum 24 ne suka cika buhu 10. In regil ya goce gida ɗaya, wato mutum 2, amsar za ta goce ƙasa da buhu ɗaya. Inda layin ya kwanta, tsakanin 50 da 60, mutum 6 kaɗai ne a buhu 10. Gocewar gida ɗayan nan tana jan fiye da buhu 3. Kaurin layin kansa a hoto mai dishi-dishi yana iya kai gida guda. Saboda haka mediyan ɗinmu abin dogaro ne, amma santil na 95, wanda ke farawa daga 76 ya faɗo wajen 53, a faɗe shi da sassauci. In layin yana da kauri, a tsakiyarsa ake sa ɗigo.

Wani lokaci laifin na mai zanen ne. Ɗigo a ƙarshen rukuni yake zama: 44 a kan buhu 30, ba a kan 25 ba. In ya ɗiga a tsakiyar rukuni, duk zanen ya matsa hagu da buhu 5, mediyan ya koma wajen 23. In akwai jadawali tare da hoton, ku gwada ɗigo ɗaya da shi. Layin da ya hau ya sauko ya sake hawa kuwa ba na tarin adadi ba ne, kada ku nemi mediyan a kansa ta wannan hanya. Akwai kuma hoton da ke da layi biyu, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Mai saukar yana ƙirga waɗanda suka wuce ne, kuma inda suka gicciye, daga nan ake saukowa a samu mediyan.

Aikin gida

A zanen da ke kayenku, ku nemo santil na 10 da na 80, ku rubuta lambar da kuka fara da ita a gefen hagu kafin amsar. Sannan ku faɗi mutum nawa suka wuce buhu 45. Ku ba maƙwabcinku na aji ya auna da nasa regil. Na farko daga 8 yake farawa ya faɗo wajen 11, na biyu daga 64 ya faɗo a 40, na uku kuwa mutum 11 ne. In amsarku ta bambanta da fiye da gida ɗaya, ku koma ku sake ƙirga darajar ƙaramin gida.